Kwana Bakwai da Yara a Lambu: Yadda Ake Tsara Sansanin Hutu na Shuke-shuke

Duk wanda ya yi niyyar tara yaran unguwa a dogon hutu ya koya musu shuka cikin mako guda, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tsiro ba ya bin jadawalin mutum. Tumatir yakan yi kwana 5 zuwa 10 kafin ya leƙo, barkono da attaruhu har mako biyu ko uku suna kaiwa, zogale kuwa sai wajen mako guda ko fiye. Idan aka shuka waɗannan ranar Litinin, to ranar Lahadi yara za su watse suna kallon baƙar ƙasa a leda, kuma yaro ɗan shekara shida ba ya yafe irin wannan. Saboda haka nasarar sansanin tana rataye ne a kan abu biyu: a zaɓi irin da ke saurin tsirowa, sannan mai shiri ya fara tasa shukar wata guda kafin yara su zo.

Masu saurin su ne namu na gida. Gero da dawa sukan fito cikin kwana 3 ko 4 idan ƙasa na da danshi da ɗumi, wake da alayyafo cikin kwana 3 zuwa 5, masara ta biyo bayansu da kwana ɗaya ko biyu. Dogon hutun makarantun boko a arewacin Najeriya yana faɗowa ne a watan Agusta, tsakiyar damina, don haka ɗumi da danshi ba abin nema ba ne. Abin tsoro ma shi ne ruwa ya yi yawa.

Shukar share fage kuwa ga yadda take. Saura mako huɗu, mai shiri ya shuka wake da gyaɗa a bokitai ko buhunan siminti guda shida, ya yafa alayyafo a ɗan fangali, ya zuba irin tumatir a wani kwano don dashe. Saura mako biyu, ya shuka zogale a ledoji, ɗaya don kowane yaro. Da wannan, abin da mako guda ba zai nuna ba sai yara su tarar da shi a tsaye yana jiransu.

Mu ɗauki sansani mai yara 30, daga 'yan shekara 5 zuwa 14, a harabar wata makarantar firamare, daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha biyu, don kada a ci lokacin Islamiyya da yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba su aji-aji, ƙanana gefe, manya gefe. Idan aka yi haka, ƙananan sai sun cinye malamai uku, manyan kuma su gundura tun kafin hantsi. Gara a yi rukuni shida na yara biyar-biyar, kowanne da babba ɗaya mai shekara 12 zuwa 14, matsakaita biyu, ƙanana biyu. Babba ne ke riƙe da almakashi da littafin rubutu, matsakaita su yi awo da haɗa ƙasa, ƙanana su yi ƙirgen iri da ban ruwa. Kowa ya san aikinsa da suna, domin muddin aka ce «ku yi tare», Yaya ce za ta yi komai, ƙannen su koma wasan ƙasa.

Kayan aiki ba su da tsada. Ledar fiya wata guda 100 ta isa: biyu ga kowane yaro, 24 don gwajin rukunoni, saura kuma na ko-ta-kwana. Kowace tana ɗaukar rabin lita, ke nan ƙasa lita 50 ake bukata, wato baro guda. A haɗa kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na taki wanda ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ƙona saiwa yake yi. Wake cikin gwangwanin madara guda ya wadatar, masara ma haka. Sai dai a kula: irin da ake sayarwa a shagon kayan gona wanda aka rina ja ko shuɗi an shafe shi da magani ne, kuma guba ne ga yaron da ke kai hannu baki. A nemi tsabar da ba a sa wa komai ba daga wurin manomin da aka sani, a tsince masu hujin ƙwari.

Litinin ita ce ranar da ta fi kowace nauyi, domin duk abin da ba a shuka a ranar ba ya makara. A yanke bakin leda, a huda gindinta wuri huɗu, a cika ƙasa a bar ɗan sarari a sama. Kowane yaro ya sa ƙwayar wake biyu a leda ɗaya, masara biyu a ɗayar, zurfin gaɓar yatsa guda. Ƙananan yara suna son tura yatsa har ƙarshe, irin da ya nutse haka kuwa ko dai ya makara ko ya ruɓe, don haka babban rukuni ya ɗaura zare a jikin tsinke ya zama ma'auni. Bayan nan kowane rukuni ya jera leda huɗu na gwaji, duk da wake: ɗaya a rana da ruwa daidai, ɗaya a cikin kwali mai duhu, ɗaya wadda ba a huda ba ana cika ta da ruwa kullum, ɗaya kuma ba ruwa sam. A rubuta sunan kowace, kuma ta ƙarshen a ajiye ta inda ruwan sama ba ya kaiwa. Kafin a tashi, a ƙirga wake 20 a jera a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda ba tare da an ɗaure bakinta ba. A kuma jiƙa wake cikin tafin hannu guda a kofi, ya kwana.

Talata a ɓare waken da ya kwana a ruwa. Ya kumbura, ɓawonsa na saɓulewa da farce, idan aka raba shi biyu sai ga ɗan tsiro kwance a gefe da 'yan ganyensa biyu a naɗe da ɗan tsinin da zai zama saiwa. Ƙanana su zana abin da suka gani. Manya kuwa su yi gwajin ƙasa: a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku na robar lemo, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin awa biyu, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Idan wani ya kawo ƙasar jigawa wani ya kawo ta fadama, bambancin da za a gani a jikin robobin ya fi dogon bayani.

Laraba ranar haɗari ce ga mai shiri, don ledoji ba su nuna komai ba tukuna, yara kuma za su fara tona su ga ko irin yana nan. Maganin wannan shi ne a buɗe tsumma. A nan saiwa ta riga ta fito fara fat, mai son gani ya gani, ledoji su huta. Sauran safiyar a ba ruwa da ganye: a ɗaure farar leda a reshen darbejiya ko mangwaro da ke cikin rana, kafin awa biyu ko uku ɗigon ruwa ya taru a ciki. Daga nan ne ake gane cewa ruwan da aka zuba a gindi ta ganye yake ficewa.

Alhamis, galibi, wake ya ɓullo. Yakan fito ne a lanƙwashe, ya ɗago ɓari biyun nan na ƙwayar sama da ƙasa, alhali masara tana barin ƙwayarta a ƙasa ta soko kamar tsinin mashi. A bar yara su gano wannan da kansu kafin a faɗa. A ranar ce kuma za a tuge wake ko gyaɗar da aka shuka tun wata guda, a wanke saiwar a hankali cikin bokiti. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Malami ya tsaga ɗaya da reza: idan cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halittar da ke zaune a ciki suna aiki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka. Wannan ne dalilin da manomanmu ke haɗa wake da gero a gona ɗaya tun kaka da kakanni, kuma a ganina babu darasin da ya kai wannan a duk makon.

Juma'a a tashi da wuri saboda masallaci. Aikin ranar lissafi ne: a ƙirga waken tsumma. Idan 17 suka tsiro cikin 20, kashi 85 cikin 100 ke nan, iri mai kyau. Idan 11 ne kacal, kashi 55, to manomi sai ya ƙara yawan ƙwaya a rami ko ya sake iri. Ƙanana su ƙirga, matsakaita su rubuta, manya su fitar da kason. Daga nan a duba ledojin gwaji. Na cikin kwali ya fi kowa tsawo amma siriri ne, fari-fari ko rawaya, ba ya iya tsayuwa. Yara da yawa za su ce shi ne ya ci gasa, sai a sa su taɓa karansa su kwatanta da na rana. Wanda aka cika wa ruwa ya ruɓe yana wari, domin iri ma yana bukatar iska.

Asabar dashe. A jiƙa kwanon tumatir tukuna, a ciro kowane da ƙasarsa ta hanyar sa cokali a ƙarƙashi, a riƙe shi ta ganye, kada a matse kara. Da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana aka fi son dashe, amma tunda sansanin na safe ne, a fara tun takwas a yi masa inuwa da ganye. Zai yi yaushi da rana, a gaya wa yara tun da wuri kada a sha kuka. Manya su haƙa 'yan ramukan tassa irin na manoman Tawa a Nijar, faɗin taki guda, zurfin rabin haka, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu guda, su ga yadda ramin ke tare ruwan sama a fako.

Lahadi iyaye su zo. A yanki alayyafon nan da ya kai wata guda a yi kwaɗo ko miya, kowane rukuni ya nuna gwajinsa, kowane yaro ya tafi da wakensa da masararsa da zogale guda.

Matsaloli uku ne suka fi ɓata irin wannan shiri. Na farko akuya da kaji da ƙadangaru, waɗanda ke iya share aikin mako guda cikin dare ɗaya, don haka ledoji su hau benci a rufe su da tsohon gidan sauro. Na biyu yawan ban ruwa: yara talatin kowa na son ya zuba, sai a wayi gari tsiro ya kwanta, gindinsa ya yi baƙi ya tsuke kamar zare. Wanda ya kai haka ba ya tashi, sai dai a maye gurbinsa daga ledojin ko-ta-kwana. Dokar ita ce a tura yatsa a ƙasa, in da danshi a bar shi, in ya bushe a ba shi murfin roba uku. Na uku ruwan da ke kwana a bokiti da gwangwani, wanda a watan Agusta gidan sauro ne, sai a kife komai kafin a tashi, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Iyaye kuma su sani cewa rabin litar ƙasa ba za ta riƙe masara fiye da mako biyu ba. A mayar da ita ƙasa ko babban buhu tun a makon farko, a yanke ledar da reza ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, zogalen kuma a kewaye shi da ƙaya tun ranar da ya shigo gida.