Dalibai 278 ko 384: Mutum nawa za a tambaya?

A ce wata makaranta tana da dalibai 1,000, kuma ana son sanin nawa ne ke zuwa ba tare da sun karya kumallo ba. Lissafin da aka saba, mai tabbacin kashi 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, zai ce a tambayi mutum 384. Amma wannan lissafi yana ɗauka cewa jama'ar ba ta da iyaka. A makaranta kuwa, duk dalibin da aka tambaya ya fita daga cikin waɗanda ba a san amsarsu ba, don haka shakku yana raguwa da sauri.

Gyaran da ake yi shi ne:

```
n = n0 / (1 + (n0 - 1) / N)
```

A nan n0 shi ne 384, N kuma 1,000. A raba 383 da 1,000, a ƙara 1, a sami 1.383. A raba 384 da wannan, sai a sami 278. An huta da tambayar dalibai 106, kuma ingancin sakamakon bai ragu ba.

Ana yin gyaran ne idan samfurin ya haura kusan kashi 5 cikin 100 na jama'ar, kuma ba a tambayar mutum sau biyu. A garin mai mutum 100,000, daga 384 zai koma 383 kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne mai binciken da zai rage samfurinsa da wannan gyara, sannan ya ce sakamakon ya shafi daliban jiha baki ɗaya. Daliban 278 suna wakiltar makarantarsu ce kaɗai, shi ma sai idan da ƙuri'a aka zaɓo su daga cikakkiyar rajista.