Daga Wace Rana Manhaja Za Ta Fara Ƙirga Maka?

Duk mai rubuta ayyukansa a manhajar waya yana da waɗanda ke dawowa lokaci-lokaci. Idan ya kammala ɗaya, manhajar kan sa masa sabuwar rana, kuma hanya biyu take bi: ko ta ƙirga daga ranar da aka tsara yin aikin, ko daga ranar da aka gama shi. A Todoist, `every 30 days` yana bin ranar da aka tsara, `every! 30 days` kuma ranar kammalawa. Alamar motsin rai ɗin nan ita kaɗai ta raba su.

Bambancin yakan fito fili ne sa'ad da aka makara. A ce mai babur ya tsara juyen baƙin mai duk kwana 30, farawa daga 1 ga Maris, amma bai samu zuwa wurin bakanike ba sai ranar 20. Idan ranar da aka tsara ake bi, wayar za ta sake tuna masa ranar 31 ga Maris, alhali man bai wuce kwana 11 a cikin inji ba. Ya juye, ya yi asarar kuɗi. Ya ƙyale, ya fara sabawa da yin biris da tunatarwa. Da ranar kammalawa ya zaɓa, sai 19 ga Afrilu zai ji daga gare ta, kuma hakan ne daidai, domin mai yana fara tsufa ne daga ranar da aka zuba shi.

Zubin adashi kuwa akasin haka yake. Uwar adashi tana jiran kuɗi ranar 5 ga kowane wata. Wanda ya zuba ranar 12, kuma manhajarsa na bin ranar kammalawa, zai ga zubi na gaba ya koma 12 ga watan gobe. In ya ci gaba da makarar mako guda, bayan zubi huɗu ya zame da kusan wata cur, ita kuwa wayar tana nuna masa mako guda kawai ya makara.

Saboda haka, kafin ka zaɓa, duba wa ke riƙe da lokacin. Idan wani mutum ne ko yarjejeniya, kamar kuɗin haya ko albashin ma'aikata, bi ranar da aka tsara. Idan kuwa abin da kansa ne ke lalacewa bayan an kula da shi, kamar wankin tankin ruwa, bi ranar kammalawa.

Sai dai a kiyaye: manhaja ba ta san ranar da ka yi aiki ba, ranar da ka danna alamar gamawa kawai ta sani. In ranar kammalawa kake bi, kuma ka manta ba ka danna ba sai bayan mako, gyara ranar ta gaba da hannunka, in ba haka ba makon nan zai shiga cikin lissafi.