Rage saƙo a X ba tare da ya rasa ladabinsa ba

Lokacin da aka buɗe Twitter a 2006, haruffa 140 kacal ake ba mutum. A 2017 aka ninka su zuwa 280, kuma har yau da sunan ya koma X, iyakar mai asusun kyauta ke nan. Ana lissafa tazarar da ke tsakanin kalmomi, kowane emoji yana cin gurbi biyu, adireshin intanet kuma 23 komai tsawonsa. Amma ƙ da ɗ da ɓ gurbi ɗaya suke ci, don haka cire musu lanƙwasa ba ya rage komai.

Matsalar ita ce idan lissafi ya koma ja, hannu yakan fara zuwa kan sallama da addu'a, don ana ganin ba su ɗauke da labari. Alhali a Hausa a nan muryar mutum take.

Ga gayyata da ta haura da haruffa kusan 100:

"Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina mai farin cikin sanar da ku tare da gayyatarku zuwa wajen ɗaurin auren ƙanwata wanda za a yi in sha Allahu ranar Asabar mai zuwa da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe a masallacin Juma'a na unguwarmu, bayan haka kuma za a yi walima a gida. Wanda bai samu damar zuwa ba, don Allah ya sa mu a addu'a. Allah ya ba da ikon halarta, amin."

Mai gaggawa zai bar rana da lokaci da wuri, ya share sauran. Saƙon zai shiga, amma ya zama sammaci.

Kitsen yana tsakiya. Wanda ka gayyata ai ka sanar da shi, sai "sanar da ku" ya tafi. "Zuwa wajen" da "wanda za a yi" ba sa ƙara komai. Rubuta 11 a lamba kaɗai ya ceto gurbi 11. "Bayan haka kuma za a yi" kuwa, "sai" ta wadatar:

"Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina farin cikin gayyatarku ɗaurin auren ƙanwata ranar Asabar in sha Allahu, ƙarfe 11 na safe, a masallacin Juma'a na unguwarmu, sai walima a gida. Wanda bai samu zuwa ba, don Allah ya sa mu a addu'a. Allah ya ba da ikon halarta."

Ya shiga, har da ɗan saura, kuma har yanzu ɗan'uwa ne ke magana. Ban yarda da mayar da sallama "slm" a saƙon da dattawa za su gani ba. Ribar kaɗan ce, kuma yana kama da raini.

Kafin ka tura, karanta shi a fili kamar kana gaban kawunka. In ka ji kunyar faɗinsa haka, ka yanka inda bai kamata ba. In kuma ya ƙi shiga sai an taɓa addu'ar, raba shi gida biyu, ka ɗora na biyun a ƙarƙashin na farko.