Idan hoton allo ya ƙi fitowa a kwamfuta

Masu amfani da kwamfutar hannu, wato tabilet, kan ɗauki hoton abin da ke kan allonta domin su buga shi a takarda, amma sai su neme shi a babbar kwamfuta su rasa.

Galibi hoton yana nan cikin na'urar. Hanyar da aka bi wajen tura shi ce take toshewa.

A ce wani malamin makaranta daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ya ɗauki hoton takardar shaidar rajistar da ya yi a intanet, ya kuma taho wani shagon kwamfuta a Gumel ana gobe za a rufe karɓar takardu.

Abu na farko shi ne ya buɗe ma'ajiyar hotuna ta tabilet ɗin, ya tabbatar hoton ya ɗauku. Wasu manhajoji, musamman na bankuna, suna hana ɗaukar hoton allo, ko kuma hoton ya fito baƙi wuluk. Idan haka ne, babu abin da za a tura.

Igiyar caji

Da aka jona tabilet ɗin, sai ta fara caji, amma kwamfutar ba ta nuna komai ba.

Dalili kuwa shi ne na'urorin Android kan ɗauka caji kawai ake so. Sai an buɗe makullin allon, an jawo jerin sanarwa daga sama, an taɓa ta USB, sannan a zaɓi "File transfer".

Idan sanarwar ba ta fito ba sam, to a zargi igiyar. Igiyar USB ta yau da kullum tana da silin waya huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Wasu masu arha na wutar kaɗai gare su, kuma da wuya a bambance su da ido. Sai a gwada wata.

Ko da na'urar ta bayyana a ƙarƙashin "This PC", akwai sauran rina a kaba. Mai shago yakan leƙa inda kyamara ke ajiye hotuna, ya ce babu. Hoton allo yana da tasa foldar, ɗaya daga cikin waɗannan:

```
Pictures/Screenshots
DCIM/Screenshots
```

Ta farko ita ce ta akasarin na'urorin Android, ta biyu kuma ta Samsung. Idan tsofaffin hotuna sun fito amma ban da sabon, a kashe tabilet ɗin a kunna, domin kwamfutar tana karanta jerin sunayen da na'urar ta tsara ne, kuma jerin yakan makara.

Mai iPad kuwa, sai ya taɓa "Trust" a kan allo kafin kwamfutar ta ga hotunansa.

Ma'ajiyar intanet

Manhajar Google Photos tana loda abin da ke cikin DCIM da kanta, amma ba ta taɓa foldar da ke waje sai an ba ta izini a "Back up device folders". Shi ya sa hoton mai Samsung kan hau, na maƙwabcinsa ya ƙi.

Haka kuma takan jira Wi-Fi, sai dai in an amince mata ta ci data. A garin kan iyaka irin Maigatari, idan layi ya kama sabis ɗin Jamhuriyar Nijar, lodin na iya tsayawa cik.

Sannan gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na Gmail da Drive da Photos ne a haɗe, kuma tun watan Yunin 2021 sabbin hotuna ke cin wannan kaso. Idan ya cika, babu hoton da zai ƙara hawa.

Wannan hanya dai ba ta dace da shago ba, tunda sai mutum ya shigar da kalmar sirrinsa a kwamfutar da ba tasa ba.

Turawa kusa da kusa

A 2024 ne Google ya haɗe tsarinsa na Nearby Share da na Samsung, ƙarƙashin sunan Quick Share. Sai an saka manhajar a kwamfuta mai Windows 10 ko sama, an kuma kunna Bluetooth da Wi-Fi a ɓangarorin biyu.

Nan ne gizo ke saƙa, domin tsofaffin kwamfutocin teburi da dama ba su da Bluetooth. Inda akwai shi, a duba an bar kwamfutar ta karɓa daga "Everyone", a kuma amsa da "Accept". Hoton yakan sauka a Downloads.

Ga malamin da ke tsaye a shagon Gumel, igiya mai kyau ta fi sauri, ba ta kuma cin data. Amma ya tsaya a gaban kwamfutar har a kwafi hoton ya zare igiyar, domin muddin tana jone, duk hotuna da takardun da ke cikin tabilet ɗin a buɗe suke ga mai shago.