Fassara da bayanin hoton zanen ƙididdiga: misalin zanen ruwan sama na Sahel

1. Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibanmu na fannin fassara sukan samu hoton zanen ƙididdiga da aka ciro daga wani rahoto na Faransanci, a ce su mai da shi Hausa domin gidan rediyo ko domin taron manoma. Aikin hawa biyu ne: fassara rubutun da ke jikin zanen, sannan faɗin abin da zanen yake nunawa. Mai fassara yana iya samun kowace kalma daidai, amma bayaninsa ya kauce. Za mu nuna yadda haka take faruwa da zanen sauye-sauyen ruwan sama na Sahel, irin wanda akan gani a rahotannin Cibiyar Agirimet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974.

2. Siffar zanen

A kan layin kwance an jera shekaru daga 1950. Kowace shekara tana da sanda guda, wadda ko dai ta hau sama da layin sifiri, ko ta sauka ƙasa da shi. Sandunan shekarun 1950 duk a sama suke. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai suka koma ƙasa, suka yi zurfi a 1972 da 1973, suka ƙara zurfi a 1983 da 1984. Daga shekarun 1990 kuwa hawa da sauka suke yi, da shekaru masu ruwa sosai kamar 1994 da 1999. Akwai kuma wani layi mai lanƙwasa da ya ratsa sandunan.

3. Take da layin tsaye

Take yakan zo kamar haka: « Indice pluviométrique au Sahel ». Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "Yawan ruwan sama a Sahel", kuma daga nan ɓata take farawa. Zanen ba ya ba da yawan ruwa. Da yawan ruwa ne, da an ga milimita a layin tsaye, kuma babu sandar da za ta sauka ƙasa da sifiri, tun da ruwan da ya sauka ba ya gaza babu. Abin da aka rubuta a layin tsaye shi ne « anomalie standardisée », watau nisan da shekara ta yi da matsakaici, bayan an raba shi da gwargwadon bambancin da aka saba gani tsakanin shekaru.

Ga lissafin, da alƙaluman da muka zaɓa don misali kawai. A ce matsakaicin wani wurin awo milimita 500 ne, bambancin da aka saba gani kuma milimita 100. Shekarar da aka samu milimita 350 za ta ba da (350 − 500) / 100 = −1,5. Wannan −1,5 ba milimita ba ne, ba kuma kashi cikin ɗari ba ne. Ma'anarsa ita ce giɓin shekarar ya kai ɗaya da rabin bambancin da aka saba gani. Zanen yanki kuwa yakan haɗa sakamakon wuraren awo da dama ya fitar da adadi guda.

Saboda haka muna ba da shawarar take kamar haka: "Yadda ruwan kowace damana ya zarce ko ya gaza matsakaici a Sahel". Ya fi na Faransanci tsawo, amma yana faɗa wa mai karatu tun farko cewa kwatanci ake yi.

4. Mabuɗin alamu

Mabuɗin yakan ƙunshi abu uku: « années excédentaires », « années déficitaires » da « moyenne mobile sur 5 ans ». Hausa tana da kalmomi a shirye, "shekarun albarka" da "shekarun fari", amma dukansu sun faɗi fiye da abin da zanen ya faɗa. Sandar da ta tsaya a −0,2 ta gaza matsakaici, amma babu manomin da zai kira ta fari. Albarka kuma batun amfanin gona ce, alhali zanen jimillar ruwa kaɗai ya sani, bai san yadda ya rarrabu cikin damana ba. Yunwar 1953 zuwa 1954, wadda ake kira Muda, ta auku ne a tsakiyar shekarun da sandunansu suke sama, bayan ruwa mai yawa ya ɓata hatsi. Don haka muka tsaya a kan "shekarun rarar ruwa" da "shekarun giɓin ruwa".

Layi mai lanƙwasa shi ne matsakaicin shekaru biyar-biyar. Idan a tsakiya aka ɗora shi, abin da ya nuna a 1984 matsakaicin 1982 zuwa 1986 ne, ba ruwan 1984 ba. Shi ya sa yake farawa bayan sanduna biyu na farko, ya ƙare kafin biyu na ƙarshe. Wanda bai lura ba sai ya ce zanen bai cika ba.

5. Bayanin ƙasa

Ƙaramin rubutun da ke ƙasan zanen shi ne yake faɗin abin da sifiri yake wakilta, misali « par rapport à la normale 1961-1990 ». Kalmar « normale » a nan ba "ruwan da ya kamata" take nufi ba. Matsakaicin shekaru 30 ne, bisa ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya, kuma ana sabunta shi: bayan na 1961 zuwa 1990 an yi amfani da na 1981 zuwa 2010, sannan na 1991 zuwa 2020.

Mu koma ga misalinmu. Shekara mai milimita 480, idan matsakaici 500 ne, tana ba da −0,2, sandarta ta sauka. Idan an ɗauki wasu shekarun kwatanci masu matsakaicin 450, tana ba da +0,3, sandarta ta hau. Ruwan ɗaya ne, ma'auni ne ya sake. Tun da 1961 zuwa 1990 sun ƙunshi manyan fari biyu, zarce matsakaicinsu ba ya nufin an koma ruwan shekarun 1950.

Wannan layi ne kuma hoto ya fi yankewa, domin a bakin takarda yake. Hoton da babu shi ba a fassara shi sai an nemo asalin takardar. Haka nan a duba ko alamar ragewa ba ta dushe ba, ko waƙafin 1,5 bai ɓace ya zama 15 ba, ko launukan mabuɗin ba su zama toka ɗaya ba bayan an buga baƙi da fari.

6. Jera bayanin

Bayanin da muke so ya fara da ma'auni, ya bi da babban tafarki, ya ƙare da iyakar zanen. Misali: "Wannan zane yana kwatanta ruwan kowace damana a Sahel da matsakaicin 1961 zuwa 1990. Shekarun 1950 sun zarce shi, shekarun 1970 da 1980 sun gaza, mafi tsanani a 1983 da 1984. Daga shekarun 1990 ana hawa ana sauka. Zanen na yankin ne gaba ɗaya, ba ya faɗin abin da aka samu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ba ya kuma faɗin dalilin sauyin."

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A ba wani ɗalibi bayanin Hausa ba tare da hoton ba, a tambaye shi me sifiri yake nufi, da kuma me ake aunawa a layin tsaye. Idan ya ce "babu ruwa" ko "milimita", a koma ga take da bayanin ƙasa, can kuskuren yake.