Bashin kashi 12 da ke komawa kashi 21: ina bambancin ya fito?

A Diffa, mai neman jari a banki ko a asusun ajiya da bashi yakan fara da tambaya ɗaya: nawa ne ruwan? Idan aka ce masa kashi 1 cikin 100 a wata, sai ya lissafa kashi 12 a shekara, hankalinsa ya kwanta. Amma akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan nauyi: a kan wane kuɗi ake lissafa ruwan, wanda aka karɓa tun farko ko wanda ya rage?

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da bandar kifi da ta ci bashin jika 120, wato sefa 120.000, za ta biya wata-wata har shekara guda. Idan tsayayyen ruwa ne, ana lissafa shi a kan jika 120 ɗin daga farko har ƙarshe: sefa 1.200 kowane wata, 14.400 a shekara. Duk ƙarshen wata za ta kai 11.200, wato 10.000 na uwar kuɗi da 1.200 na ruwa.

To amma jika 120 ɗin wata ɗaya tak suka yi a hannunta. A wata na biyu saura 110, a na bakwai saura 60. A watan ƙarshe jika 10 kaɗai ake bin ta, duk da haka tana biyan 1.200, kamar ba ta taɓa mayar da ko dala ba. Kamar mai hayar ɗaki goma sha biyu ne da ke mayar da makullin ɗaki ɗaya kowane wata, amma kuɗin haya bai ragu ba.

Idan aka haɗa abin da ke hannunta wata bayan wata aka raba 12, za a ga jika 65 ne ta yi juyi da su a tsawon shekarar. Sefa 14.400 a kan 65.000 kuwa kusan kashi 22 ne. Cikakken lissafi irin na banki yana ba da kashi 21 da rabi. Da a kan abin da ya rage ake ɗora kashi 1 ɗin, ruwan duka 7.800 ne. Bambancin 6.600 daga aljihunta zai fita.

Sai kuma kuɗin dosiye. A ce an cire kashi 2, sefa 2.400, tun ranar ba da bashin. Ta koma gida da 117.600, amma biyan wata bai canza ba. Nan take ainihin tsadar ta haura kashi 25 a shekara.

Wannan adadi ne ake rubutawa TEG a takardun bashi: tsadar shekara da ta haɗa ruwa da sauran caje-caje, bisa kuɗin da ke hannun mutum da gaske. Shi ne kuma doka ke dubawa a ƙasashe takwas da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, har da Nijar. Daga 1 ga Janairun 2014 an sauke iyakarsa ga asusun ƙananan basussuka daga kashi 27 zuwa 24. Ke nan bashin da aka tallata da kashi 12 yana iya tsallake wannan iyaka.

Ba kowane bashi ne lissafin ke ninkawa haka ba. Manomin tattasai a bakin Komadugu da ya karɓi jika 120 don taki da man injin ban ruwa, ya biya gaba ɗaya bayan wata shida in ya sayar da amfani, kuɗin duka sun zauna a hannunsa har ƙarshe. Ruwansa 7.200, kuma kashi 12 ɗin gaskiya ne. Amma in an cire masa 2.400 na dosiye, tsadar ta kai kashi 16, domin cajin ya faɗa kan rabin shekara kawai. Shi gajeren wa'adi ne ke cizonsa, ita kuwa biya kashi-kashi.

Kafin sa hannu, a nemi jadawalin biya a duba layin ruwa. In adadin iri ɗaya ne daga watan farko zuwa na ƙarshe alhali uwar kuɗi na raguwa, tsayayyen ruwa ne: a ninka abin da aka faɗa kusan sau biyu. Sannan a tambayi nawa za a ƙirgo a hannu ranar farko, a kuma sa ma'aikacin ya nuna inda aka rubuta TEG. Da wannan adadin ne kaɗai ake iya gwada bashin wani gida da na wani.