Yadda ake tabbatar da nahawu bai wuce gona da iri ba

Masana lissafin kwamfuta kan gina harshe da ƙa'idojin nahawu kaɗan. Ga wani nahawu mai ƙa'ida biyu:

```
S → aSb
S → ab
```

Muna da'awar cewa yana samar da jerin a, sannan jerin b daidai yawansu, ba wani abu ba. Gwada misalai ba hujja ba ne, domin kalmomin ba su da iyaka. Sai a bi yawan matakan samarwa.

A mataki 1, ab kaɗai ce kalmar da ake kammalawa, kuma ta dace. Yanzu mu ɗauka da'awar ta tabbata ga duk samarwa mai matakai k. Samarwa mai matakai k+1 dole ta fara da aSb, domin ab tana rufe aiki nan take. S ɗin tsakiya ya kammala cikin matakai k, don haka ya haifi kalma daidaitacciya. Ƙarin a a gaba da b a baya bai ɓata daidaiton ba.

Nan ɗalibai da yawa ke ajiye alƙalami, kuma kuskure ne babba. An nuna nahawun bai haifi baƙuwar kalma ba, amma nahawu mai ƙa'idar ab kaɗai ma zai ci wannan jarrabawa, alhali bai iya samar da aabb ba. Dole a juyo a nuna kowace kalmar harshen tana samuwa: mai a guda n, yi amfani da ƙa'idar farko sau n−1, ka rufe da ta biyu.